Ciwon Marar da Ke Kwantar da Mace Duk Wata

A kusan kowace makarantar kwana ta 'yan mata akwai ɗalibar da ƙawayenta suka haddace kwanakinta. Wata na zagayowa sai a ga ta dunƙule a kan gado, ta riƙe mara tana murƙususu, ga amai, ga zufa, wani lokaci har da suma. A tallabe ta a kai ɗakin shan magani, a yi mata allura, ta yi kwana biyu ko uku ba ta leƙa aji ba. Idan ta je gida hutu ta faɗa wa mahaifiyarta, amsar da za ta samu sananniya ce: "Ki yi haƙuri, haka mata suke. Da kin yi aure kin haihu zai daina."

Uwar ba ƙarya ta yi ba, domin ga mata da yawa hakan ke faruwa. Sai dai akwai waɗanda aure da haihuwa ba za su raba su da ciwon ba, akwai ma waɗanda ciwon ne zai tsaya tsakaninsu da haihuwar. Da yawa daga cikinsu suna fama ne da cutar da likitoci ke kira endometiriyosis. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mace 1 cikin 10 na waɗanda ke shekarun haihuwa tana ɗauke da ita, kimanin mata miliyan 190 ke nan a duniya. A ƙasashe da dama, har da masu manyan asibitoci, mace kan shafe shekara bakwai ko fiye tana zirga-zirga kafin a gano abin da ke damunta.

Tsananin ciwo shi kaɗai ba ya raba waɗannan mata biyu. Ciwon mara na al'ada zalla yana iya kwantar da yarinya har ta yi amai. Abin da ke raba su shi ne ranar da ciwon ke farawa, da ranar da yake saki, da abin da ke rakiyarsa, da kuma yadda yake jin magani idan an sha shi bisa ƙa'ida. Duk waɗannan abubuwa ne da mace za ta iya lura da su a ɗakinta, tun kafin ta ga likita.

Kowane wata mahaifa tana yi wa kanta shimfiɗa mai kauri a ciki, tana jiran ciki ya shiga. Idan bai shiga ba, sinadarin furojestaron da ke riƙe da shimfiɗar sai ya sauka, shimfiɗar ta fara ruɓuzawa. A lokacin ne take sakin wani sinadari mai suna furostagilandin, wanda aikinsa shi ne ya sa tsokar mahaifa ta matse don ta turo jinin waje. Shi ne kuma ke cikin masu tayar da naƙuda, shi ya sa matan da suka haihu kan ce wani ciwon marar ɗan'uwan naƙuda ne. Idan sinadarin ya yi yawa, mahaifar takan matse da ƙarfi har ta danne jijiyoyin da ke kai mata jini, sai tsokar ta ɗauki zogi, kamar yatsan da aka ɗaure tamau da zare. Wani ɓangare na sinadarin yana shiga jini ya taɓa hanji da ciki, daga nan ne tashin zuciya da gudawa da ciwon kai da kasala suke fitowa.

Da yake tushensa ke nan, wannan ciwo yana da tsarin da ba ya cika saɓawa. Yakan fara ne cikin shekara ɗaya ko biyu da fara al'ada, lokacin da jiki ya soma sakin ƙwai a kai a kai. Yana zuwa 'yan sa'o'i kafin jini ko tare da shi, ya yi tsanani a rana ta farko ko ta biyu, ya lafa kafin a cika kwana uku. Mazauninsa tsakiyar mara, yana murɗawa yana saki, yana iya ratsawa gadon baya da cinyoyi. Da jini ya ja baya shi ma ya tafi, kuma sauran kwanakin watan mace lafiyarta lau. Ba ya ƙaruwa shekara bayan shekara. Yawanci ma raguwa yake yi idan shekaru sun ja, ko bayan haihuwar fari. Wannan shi ne ciwon da iyayenmu suka sani, kuma a kansa maganarsu take daidai.

Amma kasancewarsa na al'ada ba ya nufin a zauna da shi. Yana da magani mai arha, kuskuren da ake yi a wajen shansa ne ya sa mata da yawa suke cewa ba ya yi musu aiki. Magungunan da suka fi dacewa su ne masu hana jiki ƙera furostagilandin, irin su ibufurofen da mefenamik asid da nafurokzen. Hana ƙera sabo suke yi, ba sa kwashe wanda ya riga ya zuba. Don haka wadda ta daure tun asuba, sai la'asar da ciwon ya kai ta ƙasa sannan ta aika kemis, ta makara. Ana fara sha ne da ganin ɗigon farko ko jin alamar farko, ko ma kwana ɗaya kafin ranar ga wadda kwanakinta ba sa rikicewa. Sannan a ci gaba da sha a kan lokaci har kwana biyu ko uku, ba a jira ciwon ya dawo ba. Ga babbar mace, ibufurofen miligiram 400 ne duk bayan awa takwas, bayan an ci abinci, kuma kada a wuce miligiram 1,200 a rana sai da izinin likita. Farasitamol yana ɗan taimakawa amma bai kai su ƙarfi a wannan ciwo ba. Ɗumama mara da gorar ruwan zafi da aka naɗe da tsumma yana sassauta tsokar, kuma matan da ke motsa jiki a kai a kai sukan fi samun sauƙi.

Akwai waɗanda bai kamata su taɓa waɗannan magunguna ba sai sun ga likita: mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mai asmar da irin wannan magani ke tayar mata, mai shan maganin tsinka jini, da wadda take zaton tana da ciki. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne haɗin da ake yi a wasu shagunan magani, a ƙulla wa yarinya ibufurofen da dikilofenak da firoksikam a leda ɗaya. Dangi ɗaya ne dukansu. Haɗa su ba ya ƙara sauƙi, ciki da ƙoda kawai yake ci. Guda ɗaya ake zaɓa.

A nan ne ma'aunin farko yake. Idan mace ta bi wannan ƙa'ida wata uku a jere, amma har yanzu ciwon yana hana ta makaranta ko kasuwa ko girki, to lokacin bincike ya yi. Kimanin mace ɗaya cikin biyar ba ta samun sauƙin kirki da waɗannan magunguna. Ba dukansu ke da endometiriyosis ba, amma a cikinsu ake samun masu ita. Ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ta bayyana a 2018 cewa a cikin 'yan matan da ciwonsu ya ƙi jin maganin ciwo da na daidaita sinadaran jiki har aka kai ga leƙa cikinsu, aƙalla biyu cikin uku ana samunsu da cutar.

To mece ce ita? Wani nama ne mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa yake tsira a inda ba muhallinsa ba. An fi samunsa a kan ma'ajiyar ƙwai, da siririyar fatar da ta lulluɓe cikin ƙugu, da jijiyoyin da suka riƙe mahaifa ta baya, da ɗan kwarin da ke tsakanin mahaifa da dubura. Yakan kama hanji ko mafitsara. Jefi-jefi ana ganinsa a cibiya, ko a tabon aikin haihuwa, har ma a kusa da huhu. Wannan nama yana jin kiran sinadarin istirojin kamar yadda na cikin mahaifa ke ji. Duk wata yakan kumbura ya tsattsafo da jini, amma jinin ba shi da hanyar fita. Sai wurin ya yi kumburi, ya warke da tabo, wata mai zuwa a sake. A hankali tabon yakan manne gaɓoɓin da ya kamata kowace ta zauna a sake, ma'ajiyar ƙwai ta liƙe da bayan mahaifa, mahaifa ta liƙe da hanji. Idan a cikin ma'ajiyar ƙwai ya zauna, tsohon jini yakan taru ya zama ƙulli mai ruwa kauri launin cakulan.

Wani likitan Amurka, John Sampson, ya kawo bayani a 1927 cewa jinin al'ada ne ke komawa da baya ta bututun ƙwai ya zube a cikin ciki, ƙwayoyin da ke cikinsa su kama su tsira. Har yau ana riƙe da wannan bayani, amma bai isa shi kaɗai ba, domin daga baya an gano cewa mafi yawan mata jininsu yana ɗan komawa haka, kuma ba su kamu ba. Akwai hannun gado da na garkuwar jiki. Macen da mahaifiyarta ko 'yar'uwarta ciki ɗaya ke da cutar ta fi sauran mata haɗarin samunta nesa ba kusa ba. Wannan ya sa kalmar "ni ma haka na yi" daga bakin uwa take da fuska biyu: tana iya zama lallashi, tana kuma iya zama shaidar cewa su biyun cuta ɗaya ke damunsu. Cutar ba sankara ba ce, ba a ɗaukarta wajen kwanciya ko a ban-ɗaki, shan zaƙi ba ya kawo ta, kuma budurwar da ba ta taɓa sanin namiji ba tana iya kamuwa.

Ciwonta ba ya tsayawa a kwana ukun nan. Yakan riga jini zuwa da kwanaki, ya zauna har jinin ya ɗauke, wani lokaci ya wuce. Yana ƙaruwa da shekaru maimakon raguwa, har a kai matsayin da mace ke jin nauyi ko suka a mara ko da ba ta al'ada. Sau da yawa ya fi ƙarfi a gefe ɗaya, kuma masu shi kan ce a can ciki yake, yana sukar su ta baya har ƙafa.

Sai alamomin da kunya ke hana faɗa, alhali su ne suka fi yi wa likita jagora. Zafi mai tsanani wajen yin bayan gida a kwanakin al'ada, wanda wasu ke ji kamar ana yanka su ta dubura. Zafi wajen fitsari a waɗannan kwanaki, ko ganin jini a fitsari ko bayan gida da ke zuwa tare da al'ada ya tafi tare da ita. Kumburin ciki da gudawa ko taurin bayan gida masu bin wata. Ga matar aure kuma, zafi a can ciki lokacin saduwa, wanda kan daɗe bayan an gama. Mata nawa aka yi wa shaidar gudun miji, aka kai ƙararsu gaban iyaye, ko aka ce namijin dare ne ya shiga tsakani, alhali tabo ne a bayan mahaifa ake taɓawa? Duk abin da ke zuwa da al'ada ya tafi da ita, ko cibiya ce ke kumbura tana jini, ko kafaɗar dama ce ke ciwo, a faɗa wa likita.

Bari mu bi misali ɗaya daki-daki. A ce ga budurwa 'yar shekara 19, ta fara al'ada tana 13. A farko ciwon yini ɗaya ne, farasitamol ya ishe ta. Da ta kai 16 sai ya koma kwana uku, ya fara hana ta aji. Yanzu ta sayi ƙaramin littafi tana rubuta abu biyar kowace rana: ko akwai jini da yawansa, ƙarfin ciwo daga 0 zuwa 10, inda yake, maganin da ta sha da lokacinsa, da abin da ciwon ya hana ta yi. Bayan wata uku littafin ya nuna cewa ciwon yana farawa kwana huɗu kafin jini a mataki na 4 ko 5, ya haura 9 a kwana biyun farko, ya zauna a 6 har jinin ya ɗauke a rana ta biyar, sannan ya ƙara kwana biyu kafin ya sake ta. Kwana 11 ke nan cikin 28. A kwanaki ukun farko tana tsoron shiga ban-ɗaki. Ta sha ibufurofen a kan ƙa'ida tun daga alamar farko, bai sauko da ciwon ƙasa da 7 ba. Ƙawarta da suke ɗaki ɗaya ita ma takan kai 9 har da amai a ranar farko, amma da ta koyi fara shan magani da wuri sai ya tsaya a 3, kuma a rana ta uku ta manta da shi. A ranar farko ba mai iya bambanta su. A shafin littafin kuwa bambancin a fili yake.

Irin wannan budurwa yawanci ta riga ta sha maganin taifod, ta sha na gyambon ciki, ta kuma sha na sanyi ba sau ɗaya ba. Kalmar sanyi ta zama rumbun da ake zuba kowane ciwon marar mace. Ciwon sanyin mahaifa na gaske yana nan, ƙwayoyin cuta ke kawo shi, yakan zo da zazzaɓi ko fitar ruwa mai wari, ba ya jiran wata, kuma yana jin maganin kashe ƙwayoyin cuta. Idan an sha maganin zagaye biyu ko uku, ciwon kuma yana dawowa daidai da al'ada, to a daina maimaitawa a nemi wani dalili. Wannan ruɗani yana da tarihi. Shekaru da dama littattafan likitanci suna koyar da cewa endometiriyosis cutar Turawa masu hali ce waɗanda suka jinkirta haihuwa, baƙar mace kuwa ba ta cika yi ba. A 1976 wani likitan mata a Shikago, Donald Chatman, ya nuna cewa da yawa daga cikin baƙaƙen matan da ya samu da cutar an riga an yi musu laƙabin masu ciwon sanyi. A nan gida, wani bincike da aka yi a asibitin koyarwa na Ibadan, aka buga a 2015, ya samu cutar a jikin mata 115 cikin 239 da aka leƙa cikinsu da na'ura. Matan nan dama sun je ne da matsala, don haka ba a ce rabin matan ƙasa ke da ita ba. Abin da ya tabbatar shi ne tana nan a cikinmu, rashin dubawa ne ya ɓoye ta.

Mu koma ga budurwar. Ta kai littafinta wurin likitan mata, irin waɗanda ake samu a manyan asibitocin jiha da na koyarwa kamar na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Zai yi tambayoyi, ya danna ciki, ya sa a gwada fitsari da jini, sannan a yi hoton mara. Iyaye su kwantar da hankali: budurwa ba sai an duba ta ta gaba ba, ana yin hoton ta saman mara bayan ta sha ruwa mafitsara ta cika. Ga matar aure, hoton da ake yi ta gaba ya fi nuna abubuwa dalla-dalla.

A ce sakamako ya fito, an rubuta cewa komai lafiya. A nan mata da yawa suke karaya, a gida kuma a ce dama raki ne. Alhali hoton yana ganin ƙullin cakulan a ma'ajiyar ƙwai, ƙwararre yana iya ganin wanda ya nutse cikin hanji ko mafitsara, amma ƙananan ɗigo-ɗigon da ke kwance a fatar cikin ƙugu, waɗanda su ne nau'in da ya fi yawa, ba sa fitowa a hoto. Babu kuma gwajin jinin da ake dogara da shi wajen tabbatar da cutar ko kore ta. Girman abin da aka gani ma ba ya nuna girman ciwo: wata ɗigo kaɗan gare ta amma ba ta iya miƙewa, wata cikinta duk ya manne amma sai wajen neman haihuwa aka gano. Amfanin hoton shi ne yana tona wasu masu kawo irin wannan ciwo. Akwai ƙarin mahaifa, wanda ya yawaita a matan Afirka kuma yakan zo da jini mai yawa. Akwai adinomayosis, inda shimfiɗar ke nutsewa cikin tsokar mahaifar kanta, an fi ganinsa ga matan da suka haura 30 suka hayayyafa. Akwai kuma toshewar da ake haifar yarinya da ita. Yarinyar da ke ciwon mara duk wata amma ba ta taɓa ganin jini ba, a kai ta asibiti ba tare da jira ba, mai yiwuwa jinin ne ke taruwa a ciki.

A da, ba a cewa mace tana da endometiriyosis sai an yi mata lafaroskofi, wato a sa ta barci, a huda ƙaramar kafa a cibiya, a zura siririn madubi a duba. Ƙa'idojin da ƙungiyar masana haihuwa ta Turai ta fitar a 2022 sun sassauta wannan. Idan alamomi sun nuna, likita yana iya fara magani ko da hoto bai nuna komai ba, a bar aikin ga wadda magani bai yi wa ba ko bai dace da ita ba. Wannan sauƙi ne babba a wurinmu, inda na'urar da masu iya aiki da ita ba su da yawa, kuɗin aikin kuma ba kowa ke iya biya ba.

Maganin da zai ba budurwar shi ne wanda ke kwantar da hawa da saukar sinadaran wata, domin naman nan da istirojin yake rayuwa. Mafi sauƙin samu su ne ƙwayoyin da aka fi sani da na tazarar haihuwa, sau da yawa a sha su a jere ba hutu don al'adar ta ɗauke ko ta ragu. Akwai masu sinadari ɗaya dangin furojestaron, kamar dayanojes miligiram 2 kullum, da allurar wata uku, da ashanar hannu, da robar mahaifa mai sakin sinadari. Na san inda gizo ke saƙar: uba ya ji an rubuta wa 'yarsa budurwa maganin tazarar haihuwa. Ya kamata likita ya zaunar da iyaye ya yi musu bayani, su kuma su saurara. An ba ta ne don ciwo, ba ya kashe mahaifa, jinin da bai zo ba kuma ba taruwa yake yi a ciki ba, shimfiɗar ce ba ta yi kauri ba balle ta zube. Da an daina ƙwayoyin haihuwa take dawowa, allurar wata uku ce kawai kan ja wasu watanni kafin jiki ya koma daidai. Amma ba maganin saye a kemis ba ne. Mai hawan jini, da wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya, da mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da walƙiya a ido, bai kamata su sha mai ɗauke da istirojin ba.

Za a ba maganin wata uku zuwa shida, tana ci gaba da rubutu a littafinta. Idan kwana 11 sun koma biyu, ta koma makaranta, sai a ci gaba a haka ko da ba a taɓa leƙa cikinta ba. Idan bai yi ba, sai a canza wani, ko a yi hoto mai zurfi, ko a shiga aikin lafaroskofi, inda ake so a gani a kuma cire a zama ɗaya. Akwai allurai masu ƙarfi da ke tsayar da al'ada ɗungurungum kamar mace ta manyanta, amma suna rage ƙarfin ƙashi, shi ya sa ba a cika wuce wata shida da su ba sai an haɗa da wani maganin kariya. Gaskiyar da ya kamata a faɗa wa kowace mai cutar ita ce har yanzu ba a samo maganin da ke raba mace da ita har abada ba. Ana danne ta ne. Takan dawo bayan aiki, shi ya sa ake ɗora mace a kan magani bayansa idan ba ciki take nema ba. Goyon ciki da shayarwa sukan kwantar da ita na ɗan lokaci, ta dawo bayan yaye. Cire mahaifa ma ba tabbas ba ne, tunda naman a wajen mahaifar yake. Yawanci tana lafawa ne idan al'ada ta ɗauke gaba ɗaya.

Akwai hanyar da nake roƙon a guje mata. Yarinyar da aka bari da ciwo shekara da shekaru takan gano da kanta cewa allurar fentazosin ko ƙwayar tiramadol tana ba ta barci. Daga sau ɗaya a wata sai a koma kullum, a wayi gari ana maganin jaraba an manta da ciwon da ya kawo ta. Haka kuma ba kowane ciwon mara ake jira da shi a cika littafi ba. Ciwon da ya sara farat ɗaya a gefe guda da amai, ko ya zo da zazzaɓi, ko da jiri da suma ga macen da al'adarta ta yi jinkiri, na gaggawa ne a wannan daren: yana iya zama ciki a bututu, ko ma'ajiyar ƙwai ta murɗe, ko afendis. Haka jinin da ke jiƙa auduga duk awa ɗaya ko biyu.

Maganar haihuwa ita ce ta fi tsorata mata, kuma tana buƙatar a faɗe ta daidai. A cikin matan da ke fama da rashin haihuwa, tsakanin kashi 25 zuwa 50 cikin 100 ana samunsu da endometiriyosis, domin tabo yana iya toshe bututu ko ya hana shi ɗaukar ƙwai, kumburin kuma yana dagula wa ƙwai da maniyyi muhalli. Duk da haka da yawa daga cikin masu cutar suna ɗaukar ciki da kansu ba tare da wani taimako ba. Abin lura shi ne magungunan da ke danne ciwon suna hana ɗaukar ciki muddin ana shan su, kuma ba sa ƙara damar samunsa bayan an daina. Don haka matar aure ta faɗa wa likita tun ranar farko abin da ta fi buƙata yanzu, sauƙin ciwo ko ciki, domin hanyoyin sun rabu. Ma'aurata kan jira shekara guda kafin a fara bincike, amma mai irin waɗannan alamomi, ko wadda ta haura 35, kada ta wuce wata shida, kuma a gwada maigidan tare da ita tun farko. Idan an ga ƙullin cakulan aka ce a yi aiki, ta tambayi girmansa, ko gefe ɗaya ne ko biyu, da ko wanda zai yi aikin ya saba da irinsa. Duk lokacin da aka yanki ma'ajiyar ƙwai ana asarar wani ɓangare na ƙwayayen da ke cikinta, kuma aiki na biyu a wuri ɗaya ya fi na farko ɓarna, shi ya sa likitoci kan auna yawan ƙwan da ya rage wa mai neman haihuwa kafin su yanke shawarar taɓa shi.